Yadda ake lissafin farashin takardar lamuni mai biyan ruwa duk wata shida

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana da kuɗin da ba zai taɓa ba nan da shekara uku, sai dillalin hannayen jari ya kira shi ya ce: "Alhaji, akwai takardar lamuni ta gwamnatin tarayya. Miliyan ɗaya ce a rubuce, tana biyan kashi 14 cikin ɗari a shekara, saura shekara uku wa'adinta ya cika. Mai ita zai saki a kan naira 950,000." Alhaji ya ji miliyan ɗaya a kan dubu ɗari tara da hamsin, zuciyarsa ta ce araha ta faɗo. Ko araha ce ko tsada, jin adadin kawai ba ya nunawa. Sai an zauna da biro da takarda, kuma lissafin bai fi ƙarfin duk wanda ya iya tarawa da rabawa ba.

Abin da mai sayen takardar lamuni ke saya alkawuran biya ne, kowanne da ranarsa. Takardun gwamnatin tarayya, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ke fitarwa a gwanjon wata-wata, suna biyan ruwansu sau biyu a shekara. Kowane kaso da ake biya ana ce masa kufon. Ranar da wa'adi ya cika kuma sai a biya kufon na ƙarshe tare da uwar kuɗin da ke rubuce a jikin takardar. Farashin da ya dace a biya yau shi ne jimlar darajar yau ta waɗannan alkawuran duka, ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa ba za a tara su haka kawai ba? Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a kasuwar Singa ya san farashin kuɗi hannu daban, farashin "sai bayan salla" daban, domin mai kaya ya san abin da zai juya da kuɗin a tsakani. Naira 70,000 da za a ba ka nan da shekara uku ba ta kai naira 70,000 ta yau ba, kuma gwargwadon nisan ranar, gwargwadon raguwar darajarta.

Abubuwa huɗu da za a fara rubutawa

Na farko uwar kuɗi: naira 1,000,000 a misalinmu. Na biyu kufon. Kashi 14 cikin ɗari na miliyan ɗaya shi ne 140,000 a shekara, amma tun da sau biyu ake biya, kowane kufon 70,000 ne. A lura, a kan uwar kuɗi ake lissafa kufon, ba a kan abin da mai saye ya biya ba. Ko ka sayi takardar a 800,000 ko a 1,100,000, dubu saba'in ɗin nan ce za ta riƙa shigowa asusunka. Na uku yawan biyan da ya rage: shekara uku, sau biyu a kowace shekara, shida ke nan. A yanzu mu ɗauka an biya kufon jiya-jiyan nan, saboda haka na gaba sai nan da wata shida cif. Za mu sassauta wannan daga baya.

Na huɗu shi ne wanda ba a rubuta a jikin takardar ba, kuma shi ne ke riƙe da farashin: ribar da kasuwa ke nema a yau ga bashi irin wannan, mai tsawon wa'adi irin wannan, daga mai cin bashi irin wannan. Kashi 14 ɗin da ke jikin takardar labarin ranar da aka fitar da ita ne, ya daskare a nan. Ribar kasuwa kuwa kullum motsi take yi. Inda ake dubanta shi ne sakamakon gwanjon DMO na baya-bayan nan, da jadawalin farashin da FMDQ, kasuwar cinikin takardun lamuni, ke wallafawa, ana neman takardar da wa'adinta ya yi kusa da na wadda ake tayawa. Kada a ɗauki ribar takarda mai shekara ashirin a auna mai shekara uku da ita, haka kuma ribar takardar baitulmali ta kwana 91 ba ma'auni ba ce a nan.

Mu ce an duba an ga takardun gwamnati masu saura shekara uku suna ba da kashi 18 cikin ɗari a shekara. Adadin misali ne, amma bai yi nisa da abin da aka gani a ƙasar nan ba. Babban Bankin Najeriya ya riƙe ma'aunin kuɗin ruwansa a kashi 11.5 tun daga watan Satumban 2020 har zuwa Mayun 2022, daga nan ya yi ta ɗagawa har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024. Duk wanda ya riƙe tsohuwar takarda mai ƙaramin kufon a wannan tsakanin ya ga farashinta na sauka a gabansa, alhali gwamnati ba ta fasa biyansa ko kwabo ba.

Da yake wata shida-shida ake biya, ita ma ribar kasuwar a raba ta biyu: kashi 9 cikin ɗari a kowane zango na wata shida. Haka al'adar kasuwar takardun lamuni take, ana faɗin riba ta shekara, ana raba ta daidai da yawan biya.

Dawo da kowane biya zuwa darajar yau

Tambayar da ake yi wa kowane kufon ita ce: nawa zan ajiye yau, yana ƙaruwa da kashi 9 duk wata shida, don ya zama 70,000 a ranar da za a biya? Na farko zango ɗaya ne tsakaninsa da yau, sai a raba 70,000 da 1.09, a sami 64,220. Gwada ka gani: kashi 9 na 64,220 shi ne 5,780, idan ka haɗa su 70,000 ta dawo. Kufon na biyu zango biyu zai jira, sai a raba shi da 1.09 sau biyu, wato da 1.1881. Na uku sau uku, haka har na shida. Uwar kuɗi tana zuwa rana ɗaya da kufon na shida, saboda haka da adadi ɗaya ake raba su.

```
1   70,000 / 1.09^1 =  64,220.18
2   70,000 / 1.09^2 =  58,917.60
3   70,000 / 1.09^3 =  54,052.84
4   70,000 / 1.09^4 =  49,589.76
5   70,000 / 1.09^5 =  45,495.20
6   70,000 / 1.09^6 =  41,738.71
6   1,000,000 / 1.09^6 = 596,267.33
```

Kufon shida a haɗe darajarsu ta yau naira 314,014 ce, duk da cewa abin da zai shigo hannu 420,000 ne. Miliyan ɗayan da za a biya nan da shekara uku darajarta ta yau 596,267. A tara biyun, farashin takardar ya zama naira 910,282. Dillalai ba sa faɗin farashi da miliyoyi, a kan kowace naira ɗari ta uwar kuɗi suke faɗa, don haka za ka ji an ce 91.03.

To, ga amsar Alhaji. Takardar da aka taya masa a 950,000 ta fi farashin kasuwa da kusan naira 39,700. Ragin dubu hamsin da ya burge shi bai kai ragin da ya kamata a yi masa ba, wanda ya kusan dubu casa'in.

Ina son a dakata a kan wannan dubu casa'in, domin a nan ne mutum ke gane dalilin lissafin, ba hanyarsa kaɗai ba. Da Alhaji ya kai miliyan ɗaya ya sayi sabuwar takarda mai kashi 18, da duk wata shida zai karɓi 90,000. Tsohuwar nan 70,000 take bayarwa. Giɓin 20,000 ke nan, sau shida. Babu mai hankalin da zai biya cikakken miliyan ɗaya ya karɓi giɓi, sai an rage masa farashi daidai da darajar yau ta giɓin. Idan ka ɗauki 20,000 ka bi da ita ta matakan da muka bi da kufon, ka raba da 1.09 sau ɗaya, sau biyu, har sau shida, ka tara, za ka sami 89,718. Cire ta daga miliyan ɗaya: 910,282. Hanya biyu mabambanta sun kai wuri guda, kuma ni da wannan nake duba duk lissafin da na yi, domin idan suka saɓa to akwai inda hannu ya zame.

Daga nan ƙa'idar ta fito da kanta. Idan ribar kasuwa ta fi kufon, farashi yana ƙasa da uwar kuɗi. Idan sun yi daidai, farashi miliyan ɗaya ne cif. Idan ribar kasuwa ta faɗo zuwa kashi 12, wato 6 a zango, tsohuwar takarda ita ce ke da rarar 10,000 duk wata shida, sai farashinta ya haura zuwa 1,049,173. Idan kuma ta tashi zuwa kashi 20, farashin ya sauko 869,342.

Gajerar hanya

Layi bakwai ba wahala. Amma takarda mai saura shekara ashirin kufon arba'in gare ta, ba wanda zai zauna yana rabawa ɗaya-ɗaya. Da yake kufon ɗin duk adadi ɗaya ne, kuma tazararsu ɗaya, ana dunƙule su a tsari guda:

```
P = C * (1 - (1 + r)^-n) / r + F / (1 + r)^n
```

A nan P farashi ne, C kufon ne na zango ɗaya, r ribar kasuwa ta zango ɗaya, n yawan zangon da ya rage, F kuma uwar kuɗi. A misalinmu ɓangaren da ake ninka kufon da shi yana ba da 4.4859. Ma'anarsa, naira ɗaya da za a riƙa biya sau shida, darajarta a yau naira huɗu da kwabo arba'in da tara ce, ba naira shida ba. Ninka 70,000 da shi, 314,014 ta sake fitowa.

Mai Excel a kwamfuta ko a waya layi ɗaya ya ishe shi:

```
=-PV(0.09,6,70000,1000000)
```

Alamar ragewa da ke gaba tana nan ne saboda manhajar tana nuna kuɗin da zai fita daga aljihunka a matsayin adadi na ƙasa da sifili. Ana iya juya tambayar ma, a ce idan Alhaji ya amince da 950,000, ribar nawa ya saya wa kansa?

```
=RATE(6,70000,-950000,1000000)*2
```

Amsar kusan kashi 16.2 ce. Wannan ita ce maganar da zai mayar wa dillali: "Malam, a farashinka kashi 16 da ɗoriya nake samu, kasuwa kuwa tana ba da 18. Ko dai mai ita ya sauko, ko ka nemo min wata." Da wannan harshen ciniki ke tafiya a tsakanin masu wannan sana'a. Sukan daidaita a kan riba tukuna, farashi ya biyo baya.

Ranar da ba ta faɗo kan ranar kufon ba

Da wuya a yi ciniki washegarin biyan kufon. A ce an biya na ƙarshe ranar 15 ga Janairu, Alhaji kuma zai saya ranar 15 ga Maris. Wata biyu sun shuɗe daga cikin shida. Har yanzu kufon shida ne a gaba, amma kowannensu ya matso da sulusin zango: na farko saura kashi biyu cikin uku na zango, na biyu zango ɗaya da kashi biyu cikin uku, haka har ƙarshe. Ba sai an sake lissafin daga tushe ba. A ɗauki farashin ranar 15 ga Janairu a tura shi gaba da sulusin zango:

```
910,281.63 * 1.09^(1/3) = 936,809
```

Wannan shi ne kuɗin da zai fita daga asusun mai saye, cikakken farashi. Sai dai ba shi dillali zai faɗa a waya ba. Wanda ya sayar ya riƙe takardar wata biyu, amma kufon ɗin Yuli gaba ɗaya hannun Alhaji zai faɗa. Saboda haka sulusin 70,000, wato 23,333, haƙƙin mai sayarwa ne, kuma yana cikin 936,809 ɗin nan. Idan aka cire shi, saura 913,476, wato 91.35 a kan ɗari. Shi ne tsabtataccen farashi, wanda ake gani a jadawali. Dalilin da ya sa kasuwa ke cire ruwan da ya taru kafin ta faɗi farashi shi ne, cikakken farashi yana hawa kullum a hankali sannan ya faɗi rana ɗaya idan an biya kufon, kuma wannan hawa da sauka ba ya nuna komai game da yanayin kasuwa.

A nan ake yawan samun saɓani. Mutum ya ji 91.35, ya tanadi 913,500, sai takardar ciniki ta zo da 936,809 kafin ma a sa ladan dillali, ya ɗauka an cuce shi. Ba a cuce shi ba, dubu ashirin da ukun za ta dawo masa a cikin kufon ɗin Yuli. Excel yana da hanyar fitar da tsabtataccen farashin kai tsaye:

```
=PRICE(DATE(2025,3,15),DATE(2028,1,15),0.14,0.18,100,2,0)
```

Sifilin ƙarshe yana nufin a ɗauki kowane wata kwana 30, shekara kwana 360, kamar yadda muka yi da muka ce wata biyu sulusin zango ne. Idan aka sa 1 a wurinsa, ainihin kwanakin kalanda za a ƙirga, amsar ta ɗan motsa kaɗan. A tambayi dillali da wane ƙirgen kwanaki ya yi nasa, kuma wace rana ya ɗauka a matsayin ranar biyan kuɗin cinikin, domin ba lallai ta zama ranar da aka ƙulla cinikin ba.

Inda lissafi ke karkacewa

Kuskure mafi muni shi ne a raba kufon biyu, a ninka zango biyu, a manta ba a raba riba ba. Wanda ya rage 70,000 sau shida da kashi 18 a kowane zango zai sami 615,264. Alamar gane shi a fili take: giɓin kashi huɗu na shekara uku ba zai taɓa cinye fiye da sulusin darajar takarda ba. Ko a ka, kashi huɗu sau uku sha biyu ne, saboda haka ragin dole ya gaza 120,000.

Na biyu ya fi ɓuya. Mutum ya ɗauki 140,000 sau uku, shekara-shekara, a kan kashi 18. Zai sami 913,029, bambancin naira 2,747 kawai da amsar gaskiya, abin da ido ba zai kama ba. A kan miliyan ɗaya ba wani abu ba ne. A kan miliyan ɗari kuwa ya haura 270,000. Maganinsa a tabbatar sau nawa takardar ke biya kafin a fara. Takardar asusu ta gwamnatin tarayya, wadda aka fara sayarwa a watan Maris na 2017 don masu ƙaramin ƙarfi, daga naira 5,000, duk wata uku take biya. A wurinta da huɗu ake raba kufon da riba, a ninka shekaru da huɗu.

Wanda lissafinsa ya ba shi miliyan ɗaya cif kuwa, ya duba da kyau, galibi kashi 14 na jikin takardar ya sa a gurbin ribar kasuwa. Akwai kuma masu raba kufon ɗin shekara da farashi, 140,000 a kan 910,282, su sami kashi 15.4, su ce ai ba ta kai 18 ba. Sun manta da 89,718 ɗin da za ta ƙaru ranar da aka mayar musu da cikakken miliyan ɗaya.

Tsawon wa'adi ma yana da nasa tasirin. Da takardar nan saura shekara goma gare ta maimakon uku, da kufon 14 da ribar kasuwa 18 ɗin dai, farashinta 817,429 ne, domin giɓin 20,000 sau ashirin za a sha shi. Uwar kuɗin da ta ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na farashin gajerar takarda, a doguwar 178,431 kacal take. Wanda ke tunanin wataƙila buƙata ta sa shi sayarwa kafin wa'adi, ya san cewa doguwar takarda ta fi jijjiga idan ruwa ya motsa.

Lissafin yana ɗauka cewa za a biya kowane kaso a ranarsa. Ga takardar kamfani ko ta gwamnatin jiha, ana ƙara wani abu a kan ribar ta tarayya saboda haɗarin rashin biya, farashi ya ƙara sauka. Wasu daga cikin irin waɗannan ma suna mayar da uwar kuɗi kashi-kashi tare da kufon, to a wurinsu gajerar hanyar can ba ta aiki, sai a koma layi-layi da jadawalin biyan da ke cikin takardar bayanin fitarwa. Haka kuma amsar da aka samu ta naira ce a lamba, ba ta ƙarfin saye ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, a irin wannan shekarar mai cin kashi 18 baya yake ja.

Mutane da yawa a Kano ba sa kusantar takarda mai kuɗin ruwa saboda haramcin riba, sai su nufi sukuk, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci. Gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko a watan Satumban 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, da ladan haya na kashi 16.47 a shekara da ake biya duk wata shida, aka sa kuɗin a ayyukan hanyoyi, ciki har da hanyar Kano zuwa Maiduguri. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma yarjejeniyar sukuk daban take da ta bashi, tun da a kan kadara da haya aka gina ta. Amma wanda zai sayi sukuk daga hannun wani kafin wa'adinsa ya cika, abin da ke gabansa biya ne daidaitacce duk wata shida da uwar kuɗi a ƙarshe, kuma da wannan lissafin dillalai ke sa masa farashi. Sai ya sa ladan haya na wata shida a gurbin C, ya nemo ribar da sukuk mai irin wa'adinsa ke bayarwa a kasuwa ya raba ta biyu ta zama r, sannan ya tambaya ko farashin da aka faɗa masa ya haɗa da hayar da ta taru tun biyan ƙarshe.